Darasi na Bakwai: Nawa Ya Kamata a Sayi Takardar Lamuni?

Takardar lamuni alkawari ce a rubuce. Gwamnatin Tarayya, ta hannun ofishin kula da basussuka na DMO, takan karɓi kuɗinka, ta riƙa ba ka wani kaso lokaci-lokaci, ranar da wa'adi ya cika ta mayar maka da uwar kuɗin. Kowane ɗan kasuwa a Sabon Gari ya san dubu goma ta baɗi ba ta kai dubu goma ta yau ba, domin ta yau ana iya juya ta. Saboda haka kowane biya da ke tafe sai an rage masa daraja gwargwadon nisansa, sannan a tara. Jimlar ita ce farashin takardar.

A ce uwar kuɗin takarda naira 100,000 ce, tana biyan kashi 10 cikin ɗari a shekara, wato 10,000, saura shekara biyu ta ƙare. Amma a kasuwa yau irinta na kawo kashi 12. Biyan shekarar farko, 10,000, a raba shi da 1.12, wato 1 a haɗa da kashi 12 cikin ɗari na kasuwa, ya ba da 8,929. A shekara ta biyu za ka karɓi 110,000 har da uwar kuɗi. A raba wannan da 1.12 sau biyu, ya zama 87,691. Farashi ke nan 96,620.

To, galibin takardun gwamnati duk wata shida suke biya, haka ma sukuk, wato irinta ta tsarin Musulunci, da mutanenmu da yawa suka fi natsuwa da shi. A nan abu uku ke canzawa tare: biyan ya koma 5,000, kason kasuwa ya koma 6, zango kuma ya zama huɗu. Ɗauki kalkuleta. Raba 5,000 da 1.06 sau ɗaya, 4,717. Sau biyu, 4,450. Sau uku, 4,198. Biyan ƙarshe 105,000 ne, a raba shi sau huɗu, 83,170. Jimla 96,535.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne su raba biyan gida biyu amma su bar 1.12 yadda yake. Sai amsa ta faɗo wajen 78,700. Ka saba da auna amsarka tun kafin ka yarda da ita: takardar ta gaza kasuwa da kashi 2 a shekara, wato 2,000, shekara biyu 4,000. Ragin bai isa ya wuce haka ba. In kuwa kason takarda da na kasuwa sun zo ɗaya, dole amsa ta fito 100,000 cif.

Wannan lissafi na ranar da aka gama biyan kaso ne. Wanda ya saya a tsakiyar zango zai biya mai sayarwa haƙƙin kwanakin da suka riga suka wuce.

Aikin gida: sake lissafin na wata shida-shida idan kasuwa na kawo kashi 8. Kafin ka taɓa kalkuleta, faɗi ko farashin zai haura 100,000 ko zai gaza.