Yadda Ake Sauya Launin Singiletin CJ a GTA San Andreas

Wannan bayani na tsohon wasan GTA San Andreas ne na kwamfuta, wanda ya fito a 2005. Sabon da aka sake ginawa a 2021 tsarin fayilolinsa daban ne.

Kayan da CJ, jarumin wasan, ke sawa duk suna cikin fayil ɗaya, `player.img`, a foldar `models` da ke cikin foldar wasan. Kafin ka taɓa komai, kwafe shi ka ajiye a wani wuri. Idan aiki ya ɓaci, shi za ka mayar.

Buɗe `player.img` da manhajar IMG Tool, ka nemo `vest.txd`, wato farar singiletin da yake fara wasan da ita, ka ciro ta da Extract. Za ka ga `vest.dff` ma, amma wannan siffar rigar ce, ba ruwanka da ita. Sai ka buɗe `vest.txd` da manhajar Magic.TXD, ka fitar da hoton ciki a matsayin PNG. Rubuta faɗinsa da tsawonsa da tsarinsa a takarda tun yanzu.

Hoton ba zai yi kama da riga ba. A shimfiɗe yake kamar yadin da tela ya yanka bai ɗinka ba tukuna. Buɗe shi a GIMP, manhajar gyaran hoto.

A ce kore kake so. Da yawa suna zuwa Hue-Saturation su ja sandar Hue har ƙarshe, rigar na nan fara fat, su ɗauka manhajar ce ta lalace. Lafiyarta lau: Hue juya launin da ke akwai yake yi, fari kuwa ba shi da launin da za a juya. Colors za ka shiga, ka zaɓi Colorize. Kai Hue wajen kore, ka ƙara Saturation, sannan ka rage Lightness sannu a hankali har koren ya kama. Ta haka inuwa da lanƙwasar yadin suna nan yadda suke. Ni dai ba na son a shafe rigar da burushi, don tana fitowa kamar an liƙa masa leda a ƙirji.

Wuraren da ka gani babu komai a hoton, masu ɗan zanen dara, bar su haka. Ta nan fatar jikinsa ke bayyana, in ka cike su da launi zai zube masa a jiki.

Fitar da hoton a PNG ta Export As ba tare da ka sauya girman ba. Koma Magic.TXD ka musanya tsohon hoton da sabon, sunansa da tsarinsa su zama irin na asali, ka adana. A IMG Tool ka zaɓi `vest.txd`, ka yi Replace da wanda ka gyara.

Shiga wasan, ka je wajen sauya kaya a gidan Grove Street ka saka singiletin. Idan wasan ya rufe kansa ko launin ya fito a hargitse, fara duba girman hoton da tsarinsa. Idan kuma har yanzu fara ce, mai yiwuwa Windows ta hana rubutu a cikin `Program Files`, sai ka sake buɗe IMG Tool da Run as administrator ka maimaita Replace ɗin.