Yadda Ake Lissafin Wutar Da Diyod Ke Ci Kafin A Haɗa Rektifaya

Wani yaro da ke koyon gyara a shagona a Tudun Wada ya haɗa wa wani mai shayi ƙaramar na'urar wuta, mai ba allon kiɗa folt 5. Da rana ta yi aiki lafiya lau. Bayan magariba sai sifika ta kama gunji, allon ya riƙa mutuwa yana tashi. Washegari ya dawo da ita yana cewa, "Oga, ragiletar nan jabu ce." Ragileta ba ta da laifi. Bai sa kason diyod a lissafi ba ne, kuma da wannan na'urar tasa zan nuna yadda ake yi.

Kayan da ya sa su ne taransifoma mai karɓar 220 ta ba da folt 9, diyod 1N4007 guda huɗu a haɗin gada, wato rektifayar da ke mai da wutar AC zuwa DC, kwandansa 2200µF, sai ragileta 7805. Allon yana jan kusan rabin amfa.

Mataki na farko, fara daga ƙarshe. Tambayi kanka: me ragileta ke buƙata? 7805 ba ta iya riƙe folt 5 sai abin da ke shigar ta ya ɗara haka da kusan folt 2. Wato folt 7 ne iyaka. Kuma ba matsakaicin wuta ake nufi ba, a'a, ko na ƙiftawar ido wutar ta faɗi ƙasa da 7, abin da ke fita zai lotsa. Rubuta 7 a gefen takarda, shi ne za ka auna komai da shi.

Na biyu, nemo ƙololuwar taransifoma. Folt 9 da aka buga a jikinta ba shi ne iyakar tashin wutar ba. Sai ka ninka da 1.414.

```
9 × 1.414 = 12.7 V
```

Yaron ya san wannan, shi ya sa hankalinsa ya kwanta. Ya ga 12.7, ya ga 7, ya ce ai akwai rara.

Na uku shi ne zuciyar maganar: cire kason diyod. Diyod kamar mai tsaron ƙofa yake, wuta ba ta wucewa sai ta bar wani abu a hannunsa. A haɗin gada kuwa, duk da diyod huɗu ne, a kowane zagaye wutar tana bi ta cikin biyu a jere, ɗaya a tafiya ɗaya a dawowa. Don haka sau biyu za ka cire.

To nawa za a cire? Nan ne akasarinmu ke zamewa. An koya mana 0.7, kuma idan ka sa mita a wurin gwajin diyod za ta nuna maka 0.5 ko 0.6. Mitar ba ta yi ƙarya ba, amma da ɗan ƙanƙanin karan take gwadawa, wajen miliamfa ɗaya. Kason diyod yana ƙaruwa idan karan ya ƙaru. Takardar bayanin 1N4007 ta ce a amfa 1 yana iya kaiwa folt 1.1. Sannan akwai abin da ba a gani da ido: da zarar ka sa kwandansa, diyod ba ya aiki a dukan zagaye. Jira yake sai wutar taransifoma ta zarce ta kwandansa, sannan ya buɗe na ɗan lokaci kaɗan a kusa da ƙololuwa. A wannan ɗan lokacin ne dole ya cika duk abin da kwandansa ta zubar, kamar famfon unguwa da ke zuwa minti goma kowa ya cika durom. Saboda haka karan ɗin da ke ratsa shi a lokacin ya ninka rabin amfar nan sau da yawa. Ni dai a irin wannan aikin folt 1 nake ba kowane diyod, ban taɓa nadama ba.

```
12.7 − (2 × 1.0) = 10.7 V
```

Na huɗu, cire abin da kwandansa ke zubarwa tsakanin ciko da ciko. Wutarmu 50Hz ce, gada kuma tana cika kwandansa sau 100 a daƙiƙa. A lissafin nan ΔV shi ne zubar, I shi ne karan ɗin da allo ke ja, C kuma girman kwandansa a farad, wato 2200µF ya zama 0.0022.

```
ΔV = I ÷ (100 × C)
0.5 ÷ (100 × 0.0022) = 2.3 V
10.7 − 2.3 = 8.4 V
```

Ga 8.4, ya ɗara 7. Abin da ya sa na'urar ta yi aiki da rana ke nan.

Na biyar, sake lissafin da wutar dare. Duk wanda ke zaune a Kaduna ya san yadda fanka ke yin sanyi idan gari ya kunna kaya gaba ɗaya. A shagon mai shayin mun auna da daddare, muka samu 180. Taransifoma ba ta ƙirƙirar wuta, abin da aka ba ta take ragewa daidai gwargwado.

```
9 × 180 ÷ 220 = 7.36 V
7.36 × 1.414 = 10.4 V
10.4 − 2.0 − 2.3 = 6.1 V
```

Duba da kyau. Wutar gari ta ragu, ƙololuwa ta ragu, amma diyod bai rage kasonsa ba, folt 2 ɗinsa yana nan. Yanzu kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar a hannunsa take ƙarewa. Idan folt 48 kake haɗawa, wannan ba abin damuwa ba ne. A ƙaramar na'ura kuwa shi ne ya kai mu 6.1, ƙasa da iyaka. Da a ce yaron ya yi lissafi da 0.6 ɗin mita, da ya samu 6.9, ya ce ai kusan daidai ne, ya ci gaba.

Ta yaya za ka gane wannan ce cutar? Kada ka auna ba lodi, domin kwandansa za ta cika har baki, mita ta nuna maka lamba mai daɗi. Jona lodin gaske tukuna. Ko a haka ma, mita matsakaici take nunawa: a na'urar yaron za ka ga kamar 7.2 a ƙafar shigar ragileta, alhali sau ɗari a daƙiƙa tana nutsewa zuwa 6.1. Kunnenka ya fi mitar gaskiya a nan, wannan gunjin mai kauri shi ne shaida. Sannan ka cire filogi, ka bari kwandansa ta sauke, ka taɓa diyod. Folt 2 sau rabin amfa wat ɗaya ne cur, kuma zafi yake zama. Ɗumi daidai ne, amma idan allo ya fara yin baƙi a ƙarƙashinsu, sun yi wa aikin ƙanƙanta. Ɓangaren 220 kuwa kada hannunka ya je wurin muddin filogi na jiki.

Gyaran hanya uku ne. Mafi sauƙi, ƙara kwandansa zuwa 4700µF. Zubar ta koma 1.1, ƙasan wutar ya tashi zuwa 7.3. Ko ka canza diyod zuwa shotki irin 1N5822, wanda kasonsa bai wuce rabin folt ba a irin wannan aiki. Ka ceto folt 1 ke nan, ka kai 7.1. Sai dai shotkin nan folt 40 kawai yake jurewa ta baya, ba 1000 irin na 1N4007 ba, don haka a ƙananan taransifoma kaɗai ya dace. Ta uku, idan taransifomarka mai waya uku ce, 9-0-9, diyod biyu sun isa, wuta kuma ta cikin ɗaya kawai take bi a kowane zagaye; amma kowannensu zai ɗauki ninki biyu na ƙololuwar ta baya, wajen folt 25.

Wani zai ce a sa taransifoma 12 kawai a huta. Za ta yi, amma ranar da wuta ta zo cikakkiya 7805 za ta riƙa ƙona sama da wat 4, dole sai da babban faranti mai shan zafi. Ban so haka ga akwatin da zai kwana kusa da murhun shayi ba.

Mun haɗa biyun farko, shotki huɗu da 4700µF, lissafi ya ba mu 8.3 a wutar 180. Na sa yaron ya rubuta shi da hannunsa a bayan kwalin, sannan ya kai na'urar da kansa bayan isha'i, lokacin da wutar ta fi rauni, ya tsaya har aka kunna.