Yadda Ake Gano Ribar Takardar Lamuni Har Zuwa Cikar Wa'adi Ba Tare Da Kalkuletan Kuɗi Ba

Wanda ya sayi takardar lamuni a ƙasa da farashin da aka rubuta a jikinta yana cin riba ta fuska biyu: kuɗin ruwan da ake biyansa duk shekara, da kuma rarar da zai samu ranar da wa'adi ya cika aka mayar masa da cikakken uwar kuɗi. Ribar da ake nema a nan ita ce kaso ɗaya tilo wanda idan aka rage darajar dukkan kuɗin da za su shigo nan gaba da shi, jimillarsu za ta yi daidai da farashin yau. Da yake babu wata ƙa'idar lissafi da ke fitar da wannan kaso kai tsaye a takarda mai shekaru da yawa, sai a bi ta gwaji, kuma ƙaramin kalkuleta na shago ya wadatar.

A ɗauka takarda ce ta naira 1,000, mai biyan kashi 10 cikin ɗari sau ɗaya a shekara, wato naira 100, saura shekara 5 wa'adinta ya cika, kuma ana sayar da ita naira 920.

Da farko ana buƙatar kirdado mai ma'ana. Tun da farashin bai kai 1,000 ba, ribar ta wuce kashi 10 ke nan. Rarar naira 80 idan aka raba ta shekara 5 tana ba da naira 16, a haɗa da 100 a samu 116, sannan a raba da matsakaicin 1,000 da 920, wato 960. Abin da ya fito ya kusa kashi 12.1, don haka da 12 za a fara gwaji.

```
v = 1 / (1 + r)^n
P = C × (1 − v) / r + F × v
```

A wannan ƙa'ida ta gwaji P farashin takardar ne a yau, v darajar da naira ɗaya ta ranar cikar wa'adi take da ita a yau, C kuɗin ruwa, F uwar kuɗi, r kason gwaji, wanda ake rubuta kashi 12 a matsayin 0.12, n kuma yawan biya. Idan aka ninka 1.12 da kanta har ta bayyana sau biyar ana samun 1.7623, saboda haka v ta zama 0.56743. Darajar uwar kuɗi a yau naira 567.43 ce, ta kuɗin ruwa kuma 360.48, jimilla 927.91. Wannan ya ɗara 920, kuma a nan ne masu koyo suka fi rikicewa har su rage kason, alhali farashi da riba kishiyoyin juna ne: duk lokacin da amsa ta fi farashin kasuwa, ƙara kason ake yi. Da kashi 13, v ta zama 0.54276, kuɗin ruwa 351.72, jimilla 894.48. Yanzu 920 ta faɗa tsakanin amsoshin biyu, wanda shi ne sharaɗin ci gaba.

Abin da ya rage shi ne auna inda 920 take a wannan tsakani. Ƙarin kashi ɗaya ya sauke farashi da naira 33.43, mu kuma naira 7.91 kawai muke so ya sauka daga 927.91. Raba 7.91 da 33.43 yana ba da 0.24, wanda idan aka ɗora shi a kan 12 ribar ta zama kusan kashi 12.24.

Wannan amsa ta ɗan zarce ta haƙiƙa, wadda take kusan 12.23, domin dangantakar farashi da riba lanƙwasasshen layi ce, mu kuwa miƙaƙƙe muka ja tsakanin ɗigo biyu. Kuskuren yana girma gwargwadon faɗin tazarar. Da an yi gwajin da kashi 10 da 15, inda farashin yake 1,000 da 832.39, da an samu 12.39, bambancin da ba za a raina ba ga mai zuba miliyoyi. A ganina bai kamata tazarar ta wuce kashi ɗaya ba, ko biyu idan ta matsa. Mai shakka ya mayar da 12.24 cikin ƙa'idar, zai samu kusan 919.7, alamar cewa ya ɗan wuce kaɗan.

Takardun lamunin Gwamnatin Tarayyar Najeriya na yau da kullum duk wata shida suke biyan kuɗin ruwa, don haka a irinsu C za ta zama 50, n ta zama 10, a yi gwaji da rabin kason, kamar 6 da 6.5, sannan a ninka amsar sau biyu. Haka kuma duk wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa an sayi takardar a ranar biyan kuɗin ruwa. Idan a tsakiyar zango aka saya, dole a haɗa kuɗin ruwan da ya taru wa mai sayarwa a cikin farashin, a kuma lissafa zangon farko gwargwadon kwanakin da suka rage.