Yadda za ka sa bishiyoyi da mutane a renda, wato hoton gini da ake haɗawa a kwamfuta, ba su cinye ginin ba

Samarinmu na Agege sun dame ni da tambayar nan, to ga yadda nake yi, misali dufules mai hawa biyu a Lekki, tsawonsa kamar mita 7.

1. Tsaida kyamara a mita 1.6, daidai idon mutum.
2. Shimfiɗa intalok, kowane dutse 200mm da 100mm. Ƙirga su a bakin get, in get ɗin mita 4 ne duwatsu 20 za ka gani in an jera su ta tsawonsu. In ka ga 8 to ka kumbura su, gidan zai koma kamar na wasan yara.
3. Sa mutum ɗaya kusa da ƙofa. Ƙofa mita 2.1, shi 1.7, kansa kada ya taɓa sama.
4. Ɗauko bishiyar da ke fitowa a Legas, kwakwa ko mangwaro. Don Allah a bar bishiyoyin ƙasar sanyi, da gani an san ƙarya ce.
5. Tura manyan bishiyoyin gefe da baya, gaban gidan a bar shi ya sha iska.
6. Juya kowace bishiya ka ɗan canza girmanta, kar su fito kamar tagwaye.
7. Duba inuwa. Nan aka fi faɗuwa wallahi, mutumin da ka manna a Photoshop rana na dukansa ta hagu alhali inuwar ginin ta nuna rana tana dama, kuma ba inuwa ƙarƙashin ƙafarsa sai ka ga kamar yana shawagi.
8. Rage ƙarfin koren kaɗan.
9. Kanne ido ka kalli hoton. In bishiya ka fara gani kafin ginin, cire ta.