Yadda Ake Lissafin Asarar "Lay" Kafin A Danna

Samari a gidajen kallon ƙwallo nan Sakkwato sun yi ta tambayata kan kasuwar cacar da 'yan caca ke karawa da junansu. Caca ce, kun san hukuncinta a addini, kuma ba na ba kowa shawarar shiga. Amma mutane na asara don ba su gane lissafin ba, shi ya sa na rubuta.

1. Duba maɓallin da kyau. Back na nufin ƙungiyar za ta ci. Lay na nufin ba za ta ci ba, ko ta sha kashi ko a tashi kunnen doki.

2. Rubuta lambar farashin. A ce 4.0.

3. Cire 1 daga ciki, saura 3.

4. Ninka 3 da kuɗin da ka rubuta. A ce ₦2,000, ya zama ₦6,000.

Hattara, a nan ake faɗawa rami! ₦2,000 ɗin kuɗin abokin karawarka ne. Idan ƙungiyar ta ci, ₦6,000 za ka biya, kuma tun farko za a riƙe su daga asusunka.

5. Idan ƙungiyar ba ta ci ba, ₦2,000 ɗin ne ribarka. Cire kamasho daga riba kawai. In kashi 5 cikin 100 ne, ₦100 ta tafi, ka tsira da ₦1,900.

6. Duba ko an rubuta Matched. In Unmatched ka gani, babu wanda ya karɓi tayinka tukuna, kana iya sokewa.