Yadda ake rage sukari a shayi, lemon kwalba da kayan ƙwalama ba tare da an takura ba

Da yawa daga cikin masu barin sukari dare ɗaya ba sa daɗewa sai su koma, wani lokacin ma su fi da. Dalilin yana kan harshe. Harshe yana auna zaƙi ne da abin da ya saba, don haka wanda yake zuba cokali uku zai ji shayi mai cokali ɗaya salam, alhali wanda ya saba da cokali ɗaya ba zai iya shanye mai ukun ba. Wannan sabo yana sauyawa a hankali. Dabarar ita ce ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, yadda bakinka ba zai lura ba, kuma ka taɓa abu ɗaya a lokaci guda.

Fara da awo, kar ka rage komai tukuna

A makon farko ka ci ka sha yadda ka saba, amma ka riƙa ƙirgawa. Cokalin shayi guda, idan an shafe kansa, yana ɗaukar kusan giram 4 na sukari. Idan an cika shi ya yi tozo, zai iya kusan ninka hakan, kuma a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Sai ka ji mutum yana cewa “ni biyu kawai nake sawa”, amma biyun nan sun kusa huɗu. Ka ware cokali ɗaya na awo, ka daina zubawa kai tsaye daga leda ko gwangwani.

Ga ma'aunin da za ka kwatanta da shi. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a rana. Ga babban mutum wannan kusan giram 50 ke nan, wato cokali 12, kuma idan an sauko zuwa rabin haka ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse suna cikin lissafin. Ɗan itacen da aka ci haka nan, ba a matse shi ba, ba ya ciki.

Ɗauki misalin mutumin da yake shan shayi kofi biyu a rana, kowane da cokali uku: giram 24. Da rana ya sha kwalbar kola mai mililita 500, wadda take ɗauke da kusan giram 53. Da yamma ya ci biskit, a ce giram 10. Jimla giram 87, ba a ma taɓa abincin gida ba.

Shayi: rabin cokali a mako

Lemon ya fi yawan sukari, amma na fi son a fara da shayi, domin cokalin yana hannunka. Daga uku ka koma biyu da rabi, ka tsaya a nan mako guda. Kwana biyu ko uku na farko za ka ɗan ji bambanci. Ranar da ka sha kofin ya ƙare ba ka ma tuna ka rage ba, lokacin sauka mataki na gaba ya yi. Idan mako ya cika kana ta jin shayin bai yi ba, ka ƙara wani makon a wurin. Gaggawa a nan ba ta da riba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, wani ɓangare na sukarin da suke zubawa ɗacin ganye suke kashewa da shi. Ganyen shayi idan ya daɗe a ruwan zafi, ko aka bar shi yana ta tafasa, yana sakin ɗaci da bauri. Ka tsame shi bayan minti uku, za ka ga buƙatar zaƙin ta ragu da kanta. Ɗan citta, kirfa ko na'ana'a suna cika baki da ƙamshi, harshe ya samu abin da zai shagala da shi. Ka kuma duba madararka: madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Wanda ya rage cokali ya ƙara ita, ko ya maye gurbin da zuma, bai gusa ba.

Ba dole ka kai ga shan shayi babu sukari ko kaɗan ba. Mutuminmu idan ya tsaya a cokali ɗaya bayan wata guda, ya sauko daga giram 24 zuwa 8.

Lemon kwalba: a rage girma, sannan kwanaki

Sai shayi ya zauna kafin ka taɓa lemo. Tun da ba za ka iya cire sukarin da yake ciki ba, girman ne za ka rage. Daga kwalbar mililita 500 ka koma gwangwanin 330, wanda yake da kusan giram 35. Bayan mako biyu ka fara tsallake rana, har ka tsaya a kwana uku a mako. Ka zaɓi kwanakin tun da wuri, domin wanda ya san gobe zai sha ba ya jin an hana shi yau.

Kar ka kashe ƙishi da lemo. Sha ruwa tukuna, sannan ka zuba lemon a kofi ka sha tare da abinci. Hakan ya fi wa haƙora sauƙi a kan kurɓa kaɗan-kaɗan wuni guda. Idan sanyin da gas ɗin kake so, ruwa mai gas da yankin lemon tsami yana biyan buƙata, ko ka sirka lemon da shi.

Wasu suna samun ciwon kai da kasala idan sun rage kola, sai su ce jikinsu sukari yake nema. Galibi rashin kafeyin ne, sinadarin nan mai wartsakarwa, kuma yana wucewa cikin kwanaki kaɗan. Kofin shayi yana rage shi. Lemo marar sukari mai zaƙin roba kuwa zai iya zama tsani na ɗan lokaci, sai dai yana iya barin harshe a kan sabonsa na zaƙi mai yawa.

Kayan ƙwalama

A nan yunwa ce take kayar da mutum. Wanda ya tsallake abincin rana, da la'asar duk abin da ya samu zai ci. Ka ci abinci a kan lokaci, ka ajiye gyaɗa, ƙwai dafaffe ko ɗan itace kusa. Biskit ko alewar da kake so ka ci ta bayan abinci: ɗebi rabin abin da ka saba a faranti, ka mayar da kwalin inda ido ba ya kaiwa. Wajen saye ka duba sukarin da yake cikin giram 100, ka kwatanta kwali biyu. Ana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan sukari ko gulukos ya zo a farko, ka san abin da ka riƙe.

Bayan wata biyu zuwa uku, mutuminmu yana da giram 8 a shayi, kusan 15 a lemo idan an raba gwangwani uku a kan kwana bakwai, da 5 a biskit. Giram 28 ke nan maimakon 87, kuma babu abin da ya bari gaba ɗaya. Idan wata rana ya zarce, washegari matakin da yake zai koma, ba farko ba.

Mai ciwon sukari da yake yin allurar insulin ko shan maganin sauke sukari, ya fara magana da likitansa kafin ya sauya tsarin cinsa. Idan kuma ya ji rawar jiki, gumi da jiri, alamar sukarin jini ya faɗi ne, kuma a wannan lokacin abu mai zaƙi yake buƙata nan take.