Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da ra'ayin hejemoni

Ɗalibai da masu sharhi a kan siyasa sukan ɗauko kalmar hejemoni duk inda suka ga mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. Antonio Gramsci, ɗan Italiya da ya fi kowa zurfafa bincike a kan wannan ra'ayi, wata tambaya dabam ce ta dame shi: yaya ake yi tsarin da ke cutar mutum ya zauna masa a rai har ya riƙa ganinsa daidai, wani lokaci ma ya tsaya masa? An haifi Gramsci a tsibirin Sardiniya a 1891, gwamnatin Mussolini ta kama shi a Nuwamban 1926, ya rubuta yawancin tunaninsa a kurkuku tsakanin 1929 da 1935, ya rasu a 1937. Misalin da ya fi sani shi ne zaman arewa da kudancin ƙasarsa, don haka da shi za mu auna kurakuran.

Kuskuren farko, wanda kuma ya fi yawa, shi ne haɗa hejemoni da danniya wuri ɗaya. Danniya aikin bindiga ne da kotu da gidan yari. Hejemoni kuwa jagoranci ne da ake yi da yardar wanda ake jagoranta, ta hanyar makaranta da jarida da wurin ibada da hirar gida. Kowace gwamnati tana riƙe da duka biyun, amma idan ka ga ta koma dogaro kacokan da soja, to alama ce yardar ta fara zubewa. Abin lura a nan shi ne mai ɗauke da bindigar kansa sai an shawo kansa tukuna. A wata maƙala da ya rubuta a 1926 a kan matsalar kudu, Gramsci ya ba da labarin rundunar Sassari, wadda yawancin sojojinta 'ya'yan manoma ne da makiyaya daga Sardiniya. An kawo su birnin Turin, cibiyar masana'antun arewa, lokacin da ma'aikata ke ta yajin aiki bayan Yaƙin Duniya na Farko. Wani majemi ɗan garin Sassari na Sardiniya da ke aiki a Turin ya tambayi wani matashin soja abin da ya kawo su, sai sojan ya ce sun zo harbin masu hannu da shuni da ke yajin aiki. Majemin ya ce ai ma'aikata ne, talakawa. Sojan ya ƙi yarda: ya ce duk mutanen nan suna sa riga mai kwala da laktaya, suna samun lira 30 a rana, shi kuwa ya san talaka, a Sassari manomi lira ɗaya da rabi yake samu. Majemin ya ce shi ma ma'aikaci ne kuma talaka, sojan ya amsa masa da cewa talaucinsa don shi ɗan Sardiniya ne. Da ya tambaye shi ko zai harbe shi idan ya shiga yajin, sai sojan ya yi shiru kaɗan, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ranar ya zauna a gida.

Ba wanda ya tsare wannan soja da bindiga ya ce ya yi tunanin nan. Shi da kansa ya raba duniya gida biyu, 'yan Sardiniya matalauta da mutanen arewa masu kuɗi, sai ma'aikacin Turin ya faɗa ɓangaren abokan gaba. Gyaran kuskuren ke nan: kafin ka ce ga hejemoni, nemo maganar da wanda ake cuta yake faɗa da bakinsa don bayyana halin da yake ciki. In ba ka samo irin wannan magana ba, tsoro kaɗai ka gani, to ka kira shi danniya ka wuce.

Kuskure na biyu ya fi wuyar kamawa, domin yana da daɗin faɗa. Shi ne a ɗauka cewa hejemoni ƙarya ce tsagwaronta, wadda wasu manya suka zauna a ɗaki suka kitsa suka watsa wa jama'a. Ƙarya zalla ba ta daɗewa. Abin da ke daɗewa shi ne bayanin da ya jingina da wani abu da ido ke gani, kuma aka haɗa shi da ɗan rabo na gaske ga wasu daga cikin waɗanda ake mulka.

Dubi yadda abin ya kasance. An haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861. A 1887 gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan kayan da ake shigowa da su. Wannan ya kare masana'antun ƙarfe da na saƙa, waɗanda ke arewa, ya kuma kare manyan masu gonakin alkama na kudu. Faransa ta mayar da martani, rikicin ciniki ya ɓarke a 1888, sai ƙananan manoman kudu masu inabi da makiyayan Sardiniya masu sayar da dabbobi suka rasa babbar kasuwarsu. Talakan kudu ya koma yana sayen kayan masana'anta da tsada, abin da yake nomawa kuma ya rasa mai saye. Daga farkon ƙarni na 20, firaminista Giovanni Giolitti ya sassauta wa ƙungiyoyin ƙwadago na arewa, ya rage tura soja kan masu yajin neman ƙarin albashi, ƙungiyoyin gama kai suka samu kwangilar gwamnati, kuma a 1912 aka faɗaɗa 'yancin zaɓe, masu jefa ƙuri'a suka tashi daga kimanin miliyan 3 zuwa sama da miliyan 8. A kudu kuwa ana cin zaɓe da 'yan daba da matsin lambar jami'an gwamnati.

To a kan wannan ƙasa aka shuka bayanin. Marubuta irin su Alfredo Niceforo, da sunan kimiyya, suka ce mutanen kudu koma-baya ne tun daga halitta, malalata ne, masu son aikata laifi, su ne sarƙar da ta ɗaure wa Italiya ƙafa. Ma'aikacin Turin ya karɓi wannan magana ba don wauta ba. Yana ganin 'yan kudu matalauta da idonsa, yana ganin su a kakin soja da na 'yan sanda an turo su kansa, albashinsa kuma ya fi nasu da gaske. Abin da bayanin ya ɓoye kawai shi ne dalili: ya ɗauke harajin 1887 da tsarin mallakar gona daga cikin lissafi, ya sa halitta a gurbinsu. Idan dalili ya zama halitta, ba wanda za a tuhuma, ba kuma abin da za a gyara.

Saboda haka mai nazari ya yi wa kansa tambayoyi biyu a duk lokacin da ya ci karo da irin wannan bayani. Wane ɓangarensa ne gaskiya? Kuma wa aka ba wani abu don ya yi na'am? Gramsci ya nuna cewa masu mulki dole su yi sassauci, amma sassaucin ba ya taɓa jijiyar dukiyarsu. An ƙara albashi, an ba da ƙuri'a, mallakar masana'anta da gona kuwa tana nan inda take. Wanda ya tsallake waɗannan tambayoyi zai ƙare da labarin makirci, wanda ba ya iya bayyana dalilin da ya sa mutane masu hankali suka yarda.

Daga nan ne kuskure na uku ke fitowa, wato zura ido a kan shugabanni da manyan marubuta kaɗai. Manomin kudu bai karanta Niceforo ba, mai yiwuwa ma bai iya karatu ba. Waɗanda suka ɗaure shi da mai gona su ne matsakaitan mutanen ƙauye: lauya, limamin coci, malamin makaranta, ƙaramin ma'aikacin gwamnati, wanda ke rubuta masa takardar koke, ya yi masa hanya wurin hukuma, ya gaya masa yadda duniya take. In kana neman inda yarda ke ƙulluwa, tambayi wanda talaka yake zuwa wurinsa idan ya shiga uku.

Na huɗu shi ne ɗaukar shiru a matsayin yarda, kuma a ganina wannan ne ya fi ɓata aikin bincike, domin yana sa mai nazari ya raina mutanen da yake magana a kansu. James Scott, masanin siyasa ɗan Amurka, ya zauna a wani ƙauyen manoman shinkafa Musulmi a jihar Kedah ta Malesiya a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da injin girbi ya fara raba talakawa da aikin ƙodago. A gaban masu gona talakawa suna ladabi, suna godiya. A bayan ido kuwa suna kiran su marowata, suna ƙorafin an rage zakka da walimar da aka saba, suna jan ƙafa a wurin aiki, wasu har suna ɗibar shinkafa da dare. Scott ya ce wannan ba yarda ba ce, sanin iyakar ƙarfi ne. Gaskiyarsa ce a nan, ko da yake ba ta rushe Gramsci ba, don shi ma ya ce tunanin mutum ɗaya yakan ƙunshi abubuwa biyu masu karo da juna: wanda ya gada ya haɗiye ba tare da bincike ba, da wanda aikinsa na yau da kullum yake koya masa. Sojan Sassari ya yarda cewa masu yaji maƙiya ne, amma bai iya cewa zai harbi ɗan garinsu ba.

Hanyar tantancewa ita ce a saurari magana a wuri biyu, gaban mai iko da bayansa, sannan a duba irin ƙorafin da ake yi. Wanda ya ce mai gonarsu marowaci ne, ya kamata ya riƙa kyauta kamar mahaifinsa, yana sukar mutum ne, tsarin kuwa ya amince da shi. Wanda ya tambayi dalilin da ya sa mutum ɗaya zai mallaki gonar ƙauye duka, shi ne ya fita daga da'irar. Masu rubutu da yawa suna haɗa waɗannan ƙorafe-ƙorafe biyu su kira su turjiya, ko su haɗa su su kira su biyayya, alhali tazararsu ita ce abin da ake son aunawa.

Saura kuskuren ɗaukar hejemoni a matsayin abin da aka gama ginawa, ba ya motsi. Kullum sai an sabunta shi, kuma yana iya tsagewa cikin 'yan watanni. Lokacin da rundunar Sassari ta iso Turin, manyan gari sun tarbe ta da furanni da sigari da 'ya'yan itace. Ma'aikata 'yan Sardiniya da ke zaune a birnin kuwa suka riƙa zuwa wurin sojojin suna hira da su da yarensu, suna nuna musu cewa mai kwala da laktayar nan shi ma ƙarfinsa yake sayarwa. Kafin yajin aikin gama-gari na 20 da 21 ga Yulin 1919, hukuma ta kwashe rundunar daga Turin da dare, ba tare da sanarwa ba, domin ba ta ƙara tabbata cewa za su yi harbi idan an ba su umarni ba.